Naman da ke Tsirowa a Farin Ido: Jawabin Kwamitin Lafiya a Taron Shekara



An nemi mu yi bayani a kan wata lalura da kusan kowane gida a Dole Kaina ya san ta, wato jan naman nan da ke tsirowa a farin ido ta gefen hanci, yana rarrafawa zuwa baƙin ido. Wasu na kiransa yana, wasu hakiya, kuma daga nan ruɗanin ke farawa. Yanar ido a ciki take, bayan baƙin ido, tsufa ne yawanci ke kawo ta. Hakiya kuwa farin tabo ne da rauni ko gyambo ya bari a kan baƙin ido. Wannan da muke magana a kai a waje yake, kan siririn tantanin da ya lulluɓe farin ido. Likitoci na kiransa terijiyam, daga kalmar Girkanci mai nufin ƙaramin fiffike, domin siffarsa ke nan: gindi mai faɗi a lungun ido, kai mai tsini yana fuskantar tsakiya.

Me ya sa ya yawaita a wurinmu? Akwai wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, amma yana ƙona nama sannu a hankali, kuma ya fi ƙarfi a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya irin tamu. Masunci ko mai fito da ke ƙetara Kwara zuwa Lolo yana shan wannan haske sau biyu, daga sama da kuma wanda ruwa ke mayarwa fuska. Manomin shinkafa a fadama ma haka. Ga ƙurar hunturu da ta sussuka, ga iskar da ke busar da idon ɗan kabu-kabu a hanyar Kamba. Wani likitan ido na ƙasar Ostireliya, Minas Coroneo, ya bayyana dalilin da ya sa naman ya fi son gefen hanci. Hasken da ya shigo ta gefen kunne yakan ratsa gaban ido, ya taru wuri guda a ɗaya gefen, kamar yadda yara ke tara rana da gilashi su ƙona takarda. Wannan bayani yana da amfani a aikace, domin ya nuna cewa tabarau mai buɗaɗɗen gefe bai wadatar ba. Wanda ya rungume fuska har gefe ake so, a haɗa da malfa mai faɗin baki.

Mu ɗauki misali. A ce ƙaninka ne a gida, masunci mai shekara arba'in, ya bugo waya yana cewa idonsa na dama ya yi ja, yana jin kamar tsakuwa a ciki, nama kuma ya hau. Kafin ka aika kuɗin magani, tambaye shi abu uku: tun yaushe, wace siffa, kuma ina ya kai? In ya ce shekara biyar ke nan yana tafiya a hankali, shimfiɗe yake, sumul, jijiyoyin jininsa duk sun miƙe sun nufi kan tsinin, to alamu sun karkata ga terijiyam. Saura batun nisa. Faɗin baƙin ido bai wuce milimita 12 ba. Naman da ya shiga milimita 1 ko 2, kuma ya tsaya, ba a gaggauta taɓa shi. Ɗigon hawayen roba da kariya daga rana sun isa, tare da duba shi lokaci-lokaci. Idan ya kai milimita 3 ko fiye, yakan ja gaban ido ya karkatar da shi, sai gani ya soma dishi-dishi tun naman bai rufe tsakiya ba. A nan ne ya kamata a yi maganar aiki. Jira har ya rufe tsakiya asara ce, domin ko an cire shi yakan bar tabo daidai inda haske ke shiga.

Babu maganin ɗigawa da ke narkar da shi. Muna jaddada wannan saboda ɗigon nan na kemis mai deksametason, wanda ke kawar da ja cikin kwana biyu, mutum ya ji daɗi ya riƙe shi wata da watanni. Doguwar mu'amala da shi na iya haifar da hawan jinin ido da yana, kuma ganin da hawan jinin ido ya ci ba ya dawowa. Kankarewa da aska ko zuba ruwan ganye kuwa, hakiya suke ƙara wa mai nama.

Aikin kansa ba ya buƙatar a sa mutum barci; kashe zafin idon ake yi, galibi kuma a ranar ake komawa gida. Amma ga tambayar da muke so ku riƙe: za a yi dashen tantani? A tsohuwar hanya cire naman kawai ake yi a bar wurin tsirara, kuma sau da yawa yakan dawo, har ya fi na da kauri. Tun 1985 aka yaɗa hanyar yanko ɗan tantani mai lafiya daga saman idon, ƙarƙashin fatar ido, a ɗinke shi a gurbin. Da wannan, dawowar ta ragu ƙwarai. Mafi yawan dawowa a shekarar farko take faruwa, saboda haka a tsara aikin lokacin da ƙanin naka zai iya hutar da koma na wasu makonni, ba tsakiyar kakar su ba.

Yanzu ga inda haɗarin yake. Ba kowane tsiro ne terijiyam ba. Akwai ɗan tudu mai ruwan ɗorawa da ke zama a farin ido ba ya hawa baƙin. Wannan ɗan uwansa ne, ba ya cutarwa. Akwai fari-fari mai kama da kumfar sabulu a idon yaro, ta gefen kunne, sau da yawa tare da dundumi. Wannan ƙarancin sinadarin bitamin A ne, a kai yaron asibiti ba da jinkiri ba. Sai na ukun, sankarar saman ido, wadda ita ma rana ke haddasawa, kuma wuri ɗaya suke fitowa da terijiyam. Da ƙanin naka ya ce cikin wata uku ko huɗu abin ya girma, ya yi tudu, samansa gurzau-gurzau ko da farin ɓawo, ga wata jijiya mai kauri da ta nufe shi, to magana ta sauya. A Afirka an fi ganin ta ga masu ƙarancin shekaru fiye da Turai, kuma tana da alaƙa da ƙanjamau, don haka kada a ji haushi in likita ya nemi gwajin jini. Da wuri, ana yanke ta ido ya tsira. In ta nutsa, wani lokaci idon gaba ɗaya ake cirewa.

Ko ƙwararre yakan ruɗe. A wani bincike da aka buga a 2009 a Ostireliya, an sami alamun wannan sankara a kusan ɗaya cikin goma na naman da aka cire da sunan terijiyam. Shi ya sa muke ganin ya dace ku nemi a aika abin da aka yanke ɗakin gwaje-gwaje, ko da a sansanin aikin ido na kyauta ne, sannan a koma a karɓi sakamakon. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da Asibitin Ido na ECWA a Kano duk wurare ne da ake duba irin wannan.

Kafin tafiyar, ku sa a ɗauki hoton idon da waya cikin hasken rana, a sake ɗauka bayan wata ɗaya daga nisa iri ɗaya, a riƙe wa likita duka biyun. Amma in tsiron mai tudu ne, hoton farko ya isa, a kama hanya.