Yadda Ake Gane Sarar da Ke Yayi da Wadda Ta Kwana Biyu



Mu da muke koyarwa a firamare muna da wani ruɗi da ya kamata mu fara kawar da shi. Mukan ji wata sabuwar kalma a bakin ɗalibanmu lokacin tara, sai mu ɗauka yanzu ta fito. Alhali kuwa yaro ɗan aji huɗu ba ya ƙirƙirar sara, gadonta yake yi daga yayyensa. Kafin ta iso filin makarantarmu, sau da yawa samarin da suka haife ta sun fara gundura da ita.

Mu ɗauki kalmar "wuf". Tsohuwar Hausa ce, mai nuna saurin cafke abu, kamar a ce kyanwa ta yi wuf ta kama ɓera. A 'yan shekarun baya sai matasa suka karkatar da ita zuwa ga aure: "wane ya yi wuf da wance", wato ya aure ta tun kafin wani ya riga shi. A farkon lamarin, idan saurayi ya faɗe ta a gabanmu sai mun nemi fassara. Wannan ita ce alamar farko ta sara mai rai: tana haɗa sa'o'i, tana barin manya a waje. Daga baya muka ji ta a rediyo, muka gan ta a kanun labarai, har iyaye mata suka shiga yi wa 'ya'yansu addu'ar a yi wuf da su. Kalmar da kowa ya gane ta daina zama sirrin matasa.

Alama ta biyu sai an kasa kunne, domin a murya take. Mu saurari matasa suna hira a tsakaninsu, ba da mu ba. Idan kalma ta wuce a cikin zance babu wanda ya ɗaga kai, tana nan da ranta. Idan kuwa mai faɗarta ya ja ta, ya sauya murya kamar mai kwaikwayon wani, abokai suka tuntsire da dariya, to tsokana ake yi da ita. Tambayarsu kai-tsaye ba ta cika amfani ba. Kunya kan sa yaro ya ce wa malaminsa "ana faɗa" ko da an daina.

Sai dai kada mu yi gaggawar yanke hukunci. Abin da aka yar a birnin Kano yana iya zama sabo fil a ƙauyen da muke aiki. Kuma wata sarar ba mutuwa take yi ba, zama take yi. "Ɗan gaye" daga Turanci ta samo asali, amma yau kaka da jika duk suna faɗarta, babu mai yi wa wani dariya.