Layin da ke Tsakiyar Tukunya

 

Yau zancenmu kan zanen tukunya ne. Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, cike yake da tukwanen ƙasa. Kafin irinsu su shiga littafi, sai mai bincike ya yi musu zanen fensir, sannan mai tawada ya kammala.

To, a nan gizo ke saƙa. Fensir ba ya magana. Dole mai bincike ya zauna ya ce, wannan layin ga abin da yake nufi.

Ku ɗauka ɓarin bakin tukunya aka tono. An ja layi a tsaye, ya raba zanen biyu. Wannan ba tsaga ba ce, iyaka ce. Dama tana nuna bayan tukunyar da adonta. Hagu kuwa tana nuna cikinta, kamar an yanka ta, a ga kaurin jikinta. Wannan kaurin ake cikewa da baƙar tawada.

Sai layin da aka ja a gutsure. Ku saurara da kyau. Layi a gutsure yana nufin wurin ya ɓace, hasashe ne kawai. In mai tawada ya haɗe shi don ya yi kyau, ya ƙera wa tukunyar gindin da ba wanda ya taɓa gani. Ni kam, gara zanen ya fito da giɓinsa.

Masu sauraro, nan za mu dakata. A huta lafiya.