Keji Ɗakin Ɗan Kwikwiyo Ne

Ɗan kwikwiyo ba ya son yin fitsari a inda yake kwana, kuma a kan wannan ɗabi'a horon keji ya ginu. Don haka kejin ya zama daidai yadda zai miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta. In kejin ya yi girma da yawa, sai kwikwiyon ya mai da kusurwa ɗaya makewayi.

Ku fara da ƙofa a buɗe. Ku sa kwanon abincinsa a bakin ƙofa, gobe ku ɗan tura shi ciki, jibi can ƙurya. Sai ya saba shiga da kansa za ku rufe, na minti biyu, daga baya biyar.

Abin da ya fi ɓata aikin shi ne jefa shi ciki don ya ciji takalmi. Daga ranar keji ya zama kurkuku a idonsa. Haka kulle shi wuni guda: kwikwiyo ɗan wata biyu ba ya riƙe fitsari fiye da awa biyu zuwa uku. In kuka ga yana dalalar da miyau yana cizon ƙarfe, tsoro ne, ba taurin kai ba. Ku koma matakin buɗaɗɗiyar ƙofa, kuma don Allah ku ajiye kejin a inuwa.