Yauƙin Kuɓewa da Wake da Kitsen da Ke Cikin Jini

Yau maganarmu a kan abu uku ne da su ke shiga tukunya, watau wake, da kuɓewa, da wani hatsi na ƙasashen sanyi da a ke kira ots, wanda masu kanti su ka fi sani da kwaka. An ce suna rage kitsen jini. Gaskiya ne, suna ragewa, amma kaɗan. To, bari mu ga yadda su ke yi, da iyakar abin da su ke iyawa.

A cikin jinin kowa akwai wani irin kitse da likitoci ke kira kolestarol. Hanta ce ke yin mafi yawansa, jiki kuwa yana bukatarsa. Amma akwai kashi ɗaya nasa da a ke rubutawa LDL a takardar gwajin jini. Idan wannan ya yi yawa, sai ya riƙa liƙewa a bangon hanyoyin jini, shekara da shekaru, har hanya ta ƙuntata, kamar lambatun da laka ta cika. Daga nan ne ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki kan taso. Ba ya zafi, ba ya sa zazzaɓi. Siriri ma yakan same shi. Gwajin jini kaɗai ke nuna shi. A ma'aunin da a ke rubutawa mg/dL, ƙasa da 100 ya yi kyau, 160 ya yi yawa, 190 kuwa ya yi yawa ƙwarai.

To, ina ruwan kuɓewa da wannan? Ku duba. A cikin abincin da ya fito daga tsiro akwai sashen da ciki ba ya narkarwa. Iri biyu ne. Ɗaya mai kaushi ne, kamar dusar alkama. Yana sauƙaƙa bayan gida, amma ba ya taɓa LDL sosai. Ɗayan kuwa yana jiƙa da ruwa, ya yi kauri da yauƙi. Shi ne ku ke gani yana bin ludayi in an kaɗa miyar kuɓewa. Shi ne kuma ke sa kunun ots ya yi danƙo. Wake ma yana da rabonsa.

Ga yadda ya ke aiki. Hanta tana amfani da kolestarol ta yi ruwan nan mai ɗaci da ke taruwa a matsarmama. Duk wanda ya taɓa fiɗar akuya ya san shi. In an ci abinci, sai ruwan ya zuba cikin hanji, ya farfasa maiƙo kamar yadda sabulu ke yi. Jiki kuwa mai tattali ne, ba ya zubar da shi. A ƙarshen hanji sai ya tsotse kusan duka, ya mayar wa hanta don aikin gaba. Amma in yauƙi yana cikin hanjin, sai ya riƙe wani abu daga ruwan, su fita tare a bayan gida. Hanta ta ga kayanta sun ragu, dole ta yi sabo. Ina za ta sami kolestarol? Sai ta jawo LDL daga jini. Ta haka ya ke raguwa.

Nawa ya ke raguwa? An auna. Tun 1997 hukumar abinci da magunguna ta Amirka ta yarda a rubuta a jikin kwalin ots cewa yana taimakon zuciya. Amma sai mutum ya ci wajen giram 75 kullum, watau kusan gwangwanin madara ɗaya da rabi kafin a dama. Wannan kan rage LDL da wajen 10 a ma'aunin can. A 2014 kuma masana a Kanada sun haɗa gwaje-gwaje 26 a kan wake da danginsa. Sun ga wanda ke cin giram 130 na dafaffen wake kullum, kimanin gwangwanin madara ɗaya a cike, LDL nasa kan ragu da kashi biyar cikin ɗari. Kuɓewa ba a gwada ta ita kaɗai da yawa haka ba. An dai sa ta cikin abinci mai yauƙi da likitocin birnin Toronto su ka ba mutane a 2003, tare da ots da sha'ir, da sauran abubuwa, aka kuwa ga amfanin haɗin.

Yanzu mu yi lissafi. A ce wani manomi a Lolo an gwada shi an sami 150. Ya kama cin wake kullum da rana, da dare tuwo da miyar kuɓewa, in ya sami hali da safe ya sha kunun ots. Bayan wata biyu ko uku ya koma aka sake gwadawa. Abin da za a iya zato shi ne 135 ko 140. Wannan ragi ne na gaske, in ya ɗore shekaru kuwa yana da amfani. Amma a ce maƙwabcinsa an sami 200. Ko ya yi duk wannan, ba zai sauko ƙasa da 180 sosai ba, har yanzu yana cikin hatsari. Shi yana bukatar ƙwayar da likita ke bayarwa, mai suna sitatin, wadda kan rage sulusi har zuwa rabi. Wake zai taimaki ƙwayar, ba zai maye gurbinta ba. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya bari don an ce masa ya sha ruwan jiƙaƙƙiyar kuɓewa.

Akwai abu uku da ke ɓata aikin. Na ɗaya, mai. Manja da man shanu da kitsen nama suna ƙara LDL. In ka dafa shinkafa da wake ka malala musu manja, abin da wake ya rage mai ya mayar. A sa man gyaɗa kaɗan, a riƙa zaɓen faten wake da alale bisa ga ƙosan da ya sha mai. Kifin Kwara kuwa ya fi nama mai kitse dacewa da miyar kuɓewa.

Na biyu, fashi. Ruwan matsarmama kullum ya ke zuba, saboda haka kullum a ke son yauƙi ya tarye shi. Wake sau ɗaya a mako, ran kasuwa, ba zai motsa ma'auni ba. Wanda kuma ya daina, cikin 'yan makonni LDL zai koma inda ya ke.

Na uku, gaggawa. Wanda bai saba ba, in ya cika kwano da wake rana ɗaya, zai sha kumburin ciki har ya rantse ya bari. A fara da kaɗan, a ƙara a hankali cikin mako biyu. A jiƙa waken ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa shi ya yi laushi, a kuma sha ruwa sosai.

Ots daga nesa ya ke zuwa, yana da tsada, ko a nan ko a kasuwar Malanbil ta ƙasar Benin. Wanda ba shi da kuɗinsa kada ya damu. Wake yana rumbu, kuɓewa tana bayan gida da damina, busasshiya kuma tana nan da rani. Wanda ya ba arba'in baya ya nemi a gwada masa jini, ya riƙe takardar, ya kwatanta lambar farko da ta biyu. Ita ce za ta gaya masa ko tukunya ta isa, ko sai an haɗa da likita.

Allah ya ba mu lafiya. Mai tambaya ya yi.