Ɓari: Rashin da Ba a Zaman Makokinsa

Lacca ga taron mata, ungozomomi, malamai da ma'aikatan lafiya a Kajiji, ƙaramar hukumar Shagari

 

Idan aka yi rasuwa a Kajiji, kowa ya san abin yi. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza su zauna, mata su cika tsakar gida, maƙwabta su aiko da fura da tuwo, a kwana uku ana karɓar gaisuwa. Amma idan mace ta yi ɓari, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. A mazhabar Malikiyya da muke bi, jaririn da bai yi kuka ba bayan fitowarsa ba a yi masa salla. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta faɗi haka. Ana naɗe shi a ƙyalle a binne. Ban zo jayayya da wannan hukunci ba. Sai dai hukuncin ya tsaya ne a kan gawa, bai ce kada a yi wa uwar jaje ba. Mu ne muka ƙara wannan da kanmu.

Mu ɗauki misalin yarinya 'yar shekara 19, cikin fari, wata uku. Kunya ta hana ta gaya wa kowa sai mijinta da innarta, don cikin fari a wurinmu ba abin shela ba ne. Ranar wata Talata ta yi daka, da dare mara ta murɗa, kafin asuba jini ya ɓalle. Aka kai ta asibiti, aka yi mata wankin ciki, ta dawo. Uwar miji ta leƙo ta ce, "Ɗiyata, ki yi haƙuri, ai jini na, bai zama mutum ba." Wata ta ce, "Ke da ƙuruciya, mi kika ma kuka? Wani na nan tahe." Kwana bakwai ana dafa mata ruwan wanka, na takwas ta koma murhu. Daga nan ba wanda ya sake tayar da zancen. Ita kuwa tana riƙe da lissafin da ba wanda ya sani: da yanzu ya fara motsi, da watan nan za a kai ni gida goyon ciki, da bayan Salla za a yi suna. A ƙarƙashin wannan lissafi akwai tambayar da ke hana ta barci: ko dakan nan ne ya jawo?

Wannan tambaya ita ya kamata a fara amsa mata, a kuma amsa da gaskiya. Mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2021 cewa kusan kashi 15 cikin 100 na cikin da aka san da shi yana zubewa, wato ɓari kimanin miliyan 23 a duniya kowace shekara. Mafi yawa yana faruwa ne kafin mako 12, kuma kusan rabin irin wannan ɓari na farko-farko daga tangarɗar ƙwayoyin halittar ɗan tayin ne tun ranar da ciki ya shiga. Cikin da ya faro a haka ba zai zauna ba ko da uwar ta kwanta a gado wata uku. Aikin gida na yau da kullum, ko kwanciya da miji, ko ɓacin ran kwana ɗaya, ba sa zubar da lafiyayyen ciki. Akwai dai dalilan da ake iya magancewa, irin su zazzaɓin cizon sauro mai zafi, ciwon suga da ba a kula da shi ba, da wasu cututtukan mahaifa. Shi ya sa wadda ta yi ɓari biyu ko uku a jere ya kamata a kai ta a bincika, ko da sai an je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ya fi a zauna ana zargin kishiya da sammu, a raba gida a kan abin da ba wanda ya aikata.

Sai maganar haƙuri, a nan kuma ina neman malamai su tallafa mini. Da ɗansa Ibrahim ya rasu yana jariri, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zubar da hawaye har sahabinsa Abdurrahman ɗan Auf ya yi mamaki, sai ya bayyana masa cewa wannan jinƙai ne. Abin da aka hana shi ne faɗar abin da Allah bai yarda da shi ba. Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin Yusufu har idanunsa suka yi fari, ya kai kukansa ga Allah, kuma shi ne dai aka san shi da kyakkyawan haƙuri. A ƙasar nan tamu, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi ta rubuta marsiyya ga waɗanda ta rasa, har da ɗan'uwanta Muhammadu Bello da mijinta Giɗaɗo. Ba wanda ya ce imaninta ya yi rauni. To don me za a ce wa 'yar shekara 19 hawayenta rashin tawakkali ne?

Ke da abin ya sama, ba sai kin yi gardama da manya ba. Idan aka ce ki manta, ki ce, "Na karɓi ƙaddara, Inna, amma har yanzu ina jin zafin, ku sa ni a addu'a." Wannan amsa ba ta saɓa wa ladabi ba, kuma ba ki yi wa kanki ƙarya ba. Ki nemi mutum ɗaya, yayarki ko aminiyarki ko ungozoma, ki ba ta labarin daga farko har ƙarshe, ko sau nawa kike bukata. Ki san tun yanzu cewa watan da kika lissafa za ki haihu zai zo da nauyi. Ki gaya wa maigidanki kafin ya zo. Idan aka gayyace ki suna kuma zuciyarki ba za ta ɗauka ba, ki aika da barka ki zauna gida. In cikin ya haura wata huɗu kafin ya zube, nono yana iya kawo ruwa bayan kwana biyu ko uku. Ba wata cuta ba ce, kada ki riƙa matsawa, zai janye da kansa.

Akwai kuma inda addu'a da lallashi ba su wadatar su kaɗai. Jinin ɓari yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu yana raguwa. In yana jiƙa ƙunzugu biyu cikin awa ɗaya, ko ga zazzaɓi, ko wari, ko jiri, a tafi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye. Haka ma zuciya. Wani bincike da aka yi a Landan, aka buga a 2020, ya gano cewa wata tara bayan zubewar ciki, kusan mace ɗaya cikin shida tana fama da alamun firgici irin na wanda ya tsira daga mummunan haɗari. In an haura mako biyu ba ta ci, ba ta barci, ba ta iya kula da kanta, ko ta fara cewa gara ta mutu, wannan ciwo ne mai magani, a kai ta ga likita.

Maza da ke zaune a baya, ku ma kun yi rashi, ko da ba wanda ya ce muku sannu. Shirunku yakan sa mace ta zaci kuna ganin laifinta, don haka ku faɗa mata da baki cewa ba laifinta ba ne. Ku sani kuma tana iya ɗaukar wani ciki tun mako biyu bayan ɓarin, kafin ma ta ga al'ada. Ku bari jini ya tsaya, ku tambaye ta ko ta shirya. In sabon cikin ya samu, za ta riƙa firgita duk lokacin da mara ta motsa, musamman idan ya kai makon da wancan ya zube. Ku kai ta awo da wuri, ta gaya wa ma'aikaciyar jinya ta taɓa ɓari, ku kuma tabbatar tana kwana cikin gidan sauro.