Riba a Takarda, Aljihu Fayau: Jawabi a Taron Ƙungiya

 

Tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a 1991, da yawa daga cikinmu a nan Suleja muke cin abinci da kai kaya can. Mu saya kuɗi hannu, mu bayar bashi. A nan ne jari yake maƙalewa, alhali lissafi yana nuna riba.

Lissafin gaba iri biyu ne. Hasashen riba yana tambaya: in aka cire abin da aka kashe daga ciniki, nawa ya rage? Hasashen shige da ficen kuɗi kuwa tambayarsa ita ce: yaushe kuɗin za su shigo hannu, yaushe za su fita?

Mu ɗauki misali. Ɗan'uwanmu yana da jarin naira miliyan ɗaya. Wani gidan abinci a Abuja ya ce ya riƙa kawo albasa da barkono na naira 800,000 duk wata, amma biya sai bayan wata biyu. Kayan da kuɗin mota suna cin 650,000. Ribar wata 150,000 ke nan. Wa zai ƙi?

To, mu bi aljihu. A Janairu ya fitar da 650,000, saura 350,000. A Fabrairu yana bukatar wasu 650,000, ko sisi bai shigo ba. Giɓin 300,000 ya bayyana. In bai samu rance ba, kaya ba za su tafi ba, kwangila ta kuɓuce.

A ce ya ranto. A Maris kuɗin Janairu suka shigo, ya yi sari, ana bin sa 150,000. Sai a Afrilu zai gama biyan bashi, hannunsa wayam. Ribar wata huɗu 600,000 ce, gaskiya ne. Amma ita da jarin duka, miliyan ɗaya da dubu ɗari shida, suna hannun mai gidan abinci. Kuma da an ninka masa odar, giɓin ne zai fara girma kafin riba.

Saboda haka, jama'a, kafin mu amsa kwangila mu ja layi huɗu a littafi ga kowane wata: abin da ke hannu, abin da zai shigo, abin da zai fita, da saura. Kuɗin da ake bi mu rubuta su a watan da za a biya, kuma mu ƙara sati biyu don jinkiri. Hayar shago ta shekara mu sa ta dungurungum a watan biyanta.

Watan da saura ya gaza, tun yau a nemi maganinsa: a karɓi kafin alƙalami, ko a roƙi dillali lamuni, ko a fara da rabin odar.

Allah Ya sa wa nemanmu albarka.