Idan Edita Ya Ce Maƙalarka Ta Yi Kama da Wata: Yadda Ake Warware Rahoton Kamanceceniya



Batun da aka ɗora mini yau shi ne wasiƙar nan da ke tayar wa mai bincike hankali. Ka aika maƙala ga mujalla, tun kafin ta kai hannun masu tantancewa sai edita ya dawo da ita, ya ce manhaja ta nuna kamanceceniya mai yawa tsakaninta da abin da aka riga aka wallafa, yana neman bayani. Abin da nake so mu tashi da shi daga wannan zaure guda ɗaya ne: adadin da ke saman rahoton ba hukunci ba ne. Jimilla ce ta abubuwa mabambanta, kuma kowannensu da nasa magani. Wanda ya ba su magani iri ɗaya, ko dai ya ɓata maƙalarsa, ko ya bar ainihin laifin yana nan.

Bari mu fara da yadda ake samun wannan adadi. Yawancin manyan mujallu suna amfani da iThenticate, manhajar kamfanin Turnitin, ta hanyar wani tsari na Crossref da ake kira Similarity Check, wanda ya fara aiki a 2008. Manhajar tana gwada jerin kalmomin maƙalarka da na maƙalun da mawallafa suka ajiye da kuma shafukan intanet, sannan ta lissafa kashi nawa na kalmominka ya zo daidai da na wani wuri. Iyakar aikinta ke nan. Ba ta san ko kai ka rubuta wancan rubutun ba, ba ta auna ko ka ambaci majiya yadda ya kamata, ba ta kuma gane satar ra'ayi idan an sauya kalmomi. Shi ya sa maƙala mai kashi 40 cikin ɗari za ta iya zama tsarkakakkiya, mai kashi 6 kuma ta ƙunshi sakin layi biyu da aka kwaso daga aikin wani. Babu wani adadi ɗaya da dukan mujallu suka amince da shi a matsayin iyaka.

Saboda haka matakin farko shi ne ka roƙi edita ya turo maka cikakken rahoton idan adadi kawai ya faɗa maka. Cikakken rahoto yana jera majiyoyi, kowacce da kasonta, yana kuma shafa launi a kan jimlolin da suka yi daidai. Ka tambaya kuma ko an cire jerin manazarta da zantuttukan da ke cikin alamar ɗauko magana kafin a lissafa, domin manhajar tana da matatar cire su, kuma ba kullum ake kunna ta ba.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ƙaddara wata malama ce a fannin noma, ta yi gwaji kan yadda shuka wake tare da dawa ke rage ƙuduji. Ta gabatar da sakamakon damina ta farko a wani taron ƙara wa juna sani, aka buga cikakkiyar takardar a kundin taron. Bayan damina ta biyu ta rubuta babbar maƙala, ta saka kwafin share fage a bioRxiv, wato rubutun da ake ajiyewa a rumbun intanet tun kafin mujalla ta tantance shi, ta ƙara gyara maƙalar sosai, sannan ta aika wa mujalla. Rahoto ya dawo da kashi 47. Da ta buɗe sai ta ga kashi 28 daga kwafin share fagenta ne, 9 daga takardar taro, 4 daga wata tsohuwar maƙalarta, 3 daga maƙalar wasu masu bincike, sauran 3 kuma guntayen jimloli ne daga wurare da yawa.

Kaso mafi girma, wato 28, shi ne mafi sauƙin warwarewa. Kwafin share fage aikinta ne, kuma mujallu da yawa ba sa ɗaukarsa a matsayin wallafawa. Wannan al'ada ta daɗe: arXiv ya fara tun 1991, bioRxiv a 2013, medRxiv a 2019. Abin da ake bukata shi ne ta sanar da edita, ta ba shi lambar DOI ta kwafin, ta nuna sunayen marubuta ɗaya ne, ta roƙi a cire wannan majiya a sake lissafi. Jagorar kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ta ɗora wa marubuci nauyin faɗa wa mujalla idan ya saka aikinsa a irin wannan rumbu. Kurakurai biyu ake yi a nan. Na farko, sake rubuta maƙalar don ta bambanta da kwafin share fage, wanda wahalar banza ce, domin aikin ɗaya ne. Na biyu, ƙoƙarin goge kwafin. Waɗannan rumbuna ba sa shafe abin da aka saka. Ko an janye shi, tarihinsa yana nan. Abin da ya kamata a yi tun kafin a saka shi ne karanta ƙa'idar mujallar da ake hari, domin har yanzu akwai 'yan ƙalilan da ba sa karɓa.

A nan akwai wani abu da ke ba mutane mamaki, kuma ina roƙon ku riƙe shi. Idan jimla ɗaya ta yi daidai da majiyoyi biyu, taƙaitaccen rahoton yakan jingina ta ga guda ɗaya. Da aka cire kwafin share fage, adadin malamar nan bai sauka zuwa 19 ba kamar yadda lissafi zai nuna. Takardar taro ta tashi daga 9 zuwa 21, saboda jimloli da yawa da aka jingina ga kwafin share fage suna cikin takardar taron ma. Idan mai hoto ya sa dogo ya matsa gefe, sai wanda ke tsaye bayansa ya bayyana. Don haka kada ka rubuta wa edita amsa sai ka ga rahoto na biyu, ko kuma ka ɗora rubuce-rubucen naka gefe da gefe ka gwada da idonka.

Takardar taro ita ce wurin da ake bukatar natsuwa. Tambayar farko: me aka buga? Idan tsakure ne kawai, ko allon baje koli, galibi ba a lissafa shi a matsayin wallafawa. Idan cikakkiyar takarda ce a kundi mai lambar DOI ko ISBN, to an wallafa ta, kuma dole maƙalar mujalla ta zo da sabon abu mai nauyi. A fannin kwamfuta da injiniyanci wannan hanya sananniya ce: ƙungiyar ACM tana neman aƙalla kashi 25 sabo, mujallu da dama kuma suna faɗin kashi 30. Sabon da ake nufi shi ne sabon sakamako, sabon gwaji ko sabon nazari. Tsawaita gabatarwa ba ya shiga lissafi. Malamarmu tana da hujja mai ƙarfi: taro ya ga damina ɗaya a gona ɗaya, mujalla za ta ga damina biyu a gonaki biyu, da nazarin yawan amfanin da aka girbe wanda babu shi a baya. Aikinta uku ne. Ta ambaci takardar taron a cikin maƙalar, ta faɗi a gabatarwa abin da aka ƙara. Ta sake rubuta tattaunawa da kammalawa bisa dukan bayanan da take da su yanzu. Sannan ta duba takardar haƙƙin mallaka da ta sa wa hannu lokacin taro, domin idan ta miƙa haƙƙi ga mawallafin kundin, sake amfani da jadawali ko zane yana iya bukatar izini a rubuce. Da a ce babu damina ta biyu, bayanan nan ne dai aka sake wa riga, to wannan wallafa abu ɗaya sau biyu ne, kuma abin da ya dace shi ne ta janye maƙalar da kanta.

Kashi 4 na tsohuwar maƙalarta ya faɗo ne a sashen hanyoyin bincike: bayanin ƙasar gona da yadda ake ƙirga ƙuduji. Editoci sun fi sassauci a nan, domin hanya ɗaya ba ta da fuskoki goma na bayyanawa, kuma sauya kalmomi da ƙarfi yana iya sa mai karatu ya zaci an sauya hanyar. Ta taƙaita, ta ce an bi hanyar da aka bayyana a maƙala kaza, ta faɗi inda aka saɓa.

Yanzu ga mafi ƙanƙanta a adadi, mafi girma a haɗari: kashi 3 daga maƙalar wasu. Sakin layi ne guda a gabatarwa, ya zo kalma da kalma. Ko da ta sa sunayensu a ƙarshensa, ambaton majiya yana biyan haƙƙin ra'ayi ne kawai, kalmomin kuwa har yanzu nasu ne. Ta rufe wancan rubutu, ta rubuta abin da ta fahimta da bakinta, ta ambace su. Ta kuma gaya wa edita a fili cewa ta ga wurin ta gyara. Kwamitin COPE, wanda aka kafa a 1997 don ɗa'ar wallafa, yana da jagora ga editoci da ke bambanta ƙaramin kwafi da babba: a ƙarami a nemi gyara, a babba a ƙi maƙala, har a iya tuntuɓar jami'ar marubuci. Ina gargaɗinku da manhajojin musanya kalmomi. Suna rage adadi, amma suna mayar da sanannun kalmomin fanni wasu baƙin jimloli marasa ma'ana, kuma tun 2021 Guillaume Cabanac da abokan aikinsa suka nuna yadda ake kama maƙalu ta wannan alama. An janye maƙalu da yawa a dalilin haka. Ragowar kashi 3 na guntaye, irin sunayen cibiyoyi da jimlolin lissafi da kowa ke amfani da su, ta bar su yadda suke.

Amsar da za ta aika wa edita kada ta wuce shafi ɗaya. Ta yi jadawali mai layi huɗu ko biyar: sunan majiya, kasonta, alaƙarta da maƙalar, da abin da aka yi. Ta haɗa da kwafin takardar taro da maƙalar da aka gyara, an nuna wuraren gyara. Duk abokan rubutunta su karanta kafin a aika, domin sunan kowa na kai. Ba a bukatar fushi, ba a bukatar magiya. Ɗalibanmu kuma su lura, kundin digiri da ke rumbun jami'a yana fitowa a irin wannan rahoto, kuma yawancin mujallu suna karɓarsa idan an sanar da su.

Roƙona gare ku shi ne kada ku jira rahoto ya tona abin da kuka riga kuka sani. A wasiƙar da ke raka maƙala tun ranar farko, ku rubuta inda kowane ɓangare na aikin ya taɓa fitowa, ko rumbu ne, ko taro, ko kundin digiri. Masu duba ayyukan ɗalibai kuma ku zauna da su ku karanta rahoton majiya bayan majiya, ku daina tambayar kashi nawa ya nuna kawai.